Gyara Uku a Jimlar Turanci Ɗaya: Wanne Ya Yi, Wanne Ya Ɓata?

A ɗauka sakataren kwamitin jarrabawa na wata makarantar sakandare ya rubuta rahoto da Turanci, sai ya miƙa wa abokin aikinsa da ake ganin ya fi shi ƙwarewa domin ya duba masa kafin a kai ofis. A cikin rahoton akwai wannan jimla:

*The list of candidates who has paid the fee was sent to the principal on Monday, and the committee recommended that the portal be closed.*

Abin da sakataren yake son faɗa shi ne, ranar Litinin an aika wa shugaban makaranta jerin sunayen ɗaliban da suka biya kuɗi, kuma kwamiti ya ba da shawarar a rufe shafin rajista. Mai dubawa ya ɗauki jan biro ya taɓa wuri uku, ya mayar masa da jimlar a haka:

*The list of candidates who have paid the fee have been sent to the principal on Monday, and the committee recommended that the portal is closed.*

Da za a karanta wa mutane jimlolin biyu a tambaye su wacce ta fi, da yawa za su ɗauki ta biyun. Tana tafiya sumul a kunne, *have* ta bi *have*, kuma wannan *be* da ta tsaya a ƙarshe kamar an manta da ita ta ɓace. Amma idan aka zauna aka bi ta daki-daki, gyara ɗaya ne kawai cikin ukun ya yi daidai, shi ma da sauran magana a kansa. Na biyu ya ɗauki wuri mai lafiya ya cusa masa kuskure har biyu. Na uku ya goge abin da ba shi da laifi. Wannan shi ne abin da ake kira gyaran gangar Auzinawa, kuma abin da ya fi damuna da shi shi ne sakataren zai karɓa ya yi godiya, gobe kuma ya rubuta irin ta biyun da hannunsa yana ganin ya ƙaru.

Wanda zai yanke hukunci a kan gyara ba ya ɗaukar jimlar gaba ɗaya ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Yana ware kowane wurin da biro ya taɓa, ya tsaya a kansa shi kaɗai. Tambayar farko ita ce ko tun asali akwai kuskure a wurin, domin idan babu, duk abin da aka rubuta a kai sauyi ne kawai. Idan akwai, sai a duba ko sabon abin da aka saka ya kawar da shi ba tare da ya jawo wani ba. Daga nan sai tambayar da aka fi mantawa da ita: shin jimlar tana nan tana faɗin abin da mai ita yake nufi?

Mu fara da wurin farko, inda *who has paid* ta koma *who have paid*. Wannan magana ce ta dacewar aikatau da aikau, wato kalmar aiki ta bi mai aikin a tilo ko a jam'i. A Hausa wannan nauyi ba a kan aikatau yake ba. Muna cewa yaro ya biya, yarinya ta biya, yara sun biya. Kalmar "biya" tana nan yadda take, ɗan lamirin da ke gabanta ne yake sauyawa. A Turanci aikatau ɗin ne da kansa yake sauyawa, amma a wurare kaɗan: *is* da *are*, *was* da *were*, *has* da *have*, *does* da *do*, sai kuma harafin *s* da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin mutum ɗaya ne ko abu ɗaya da ake magana a kansa, kamar *he pays* da *they pay*. Wannan *s* ɗin yana rikita masu koyo ƙwarai, domin a jikin suna alamar jam'i ce, a jikin aikatau kuwa alamar tilo ce. Wanda ya riƙe cewa *s* na nufin yawa sai ya ga *candidates* ya bi ta da *has* yana jin ya daidaita su.

Kalmar *who* ba ta da tilo ko jam'i na kanta, tana aro ne daga sunan da take wakilta. To wane ne ya biya kuɗin? Jerin sunaye ba ya biyan kuɗi, ɗalibai ne suke biya. Saboda haka *who* tana komawa ga *candidates*, kuma *have* ce ta dace da ita. A nan mai gyara ya yi gaskiya: akwai kuskure, kuma ya cire shi.

Wuri na biyu ne inda ya zame. Sakatare ya rubuta *was sent*, shi kuma ya mayar da ita *have been sent*. A ajiye maganar lokaci tukuna, a dubi adadi kawai. Me aka aika? Jeri ne, takarda ɗaya. Duk kalmomin da suka biyo bayan *list*, tun daga *of candidates* har zuwa *the fee*, bayani ne a kan wane irin jeri ake nufi. Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a sa yatsa a rufe bayanin a karanta abin da ya rage. Sai a ga *The list was sent*, wanda babu mai jayayya da shi, ko kuma *The list have been sent*, wanda ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ma zai ji akwai matsala. Tazarar da ke tsakanin suna da aikatau ɗinsa ce ta ɓoye kuskuren. Kunne ya manta da *list* tun da nisa, abin da yake tunawa shi ne *candidates* da *have* da suka wuce yanzun nan.

Wannan zamewa ba ta masu koyon Turanci kaɗai ba ce. A 1991 wasu masana biyu, Kathryn Bock da Carol Miller, sun wallafa binciken da suka yi a kan waɗanda Turanci ne harshensu na gado. Suna ba mutum farkon jimla irin *The key to the cabinets*, su ce ya ƙarasa ta da baki. Sun tarar cewa a wasu lokuta mutanen suna ƙarasawa da *were* ko *are*, alhali makulli ɗaya ake magana a kai. Sun kuma lura kuskuren ya fi faruwa idan ainihin sunan tilo ne, wanda ya shiga tsakani kuma jam'i, wato daidai irin ginin jimlarmu. Amfanin sanin wannan ga mai yanke hukunci shi ne ya daina dogaro da cewa wane ya daɗe a Ingila ko wance ta fi kowa iya magana. Iya magana ba ya kare mutum daga wannan, tunda a kan ƙwararru aka fara auna shi.

Mai jin Hausa yana da wata dabara a hannunsa da ba kowa ke amfani da ita ba. Ya faɗi maganar da Hausa ya saurari lamiran: jerin sunayen ɗaliban da suka biya kuɗi ya isa ofis. "Suka" ta bi ɗalibai, "ya" ta bi jeri. Aikatau biyu, masu aiki biyu, kowanne da nasa adadin, kuma babu wanda yake ganin saɓani a ciki. Haka abin yake a Turancin: *have paid* jam'i, *was sent* tilo, a jimla ɗaya, kuma dukansu daidai ne. Sai dai dabarar tana da iyaka. Tana nuna wane suna ne yake riƙe da wane aikatau, amma ba ta faɗin ko sunan tilo ne ko jam'i a Turanci. Muna cewa labarai sun zo, su kuma *the news is*; muna cewa bayanai, su kuma *information* ba ta da jam'i ko kaɗan. Wannan sai a ƙamus ake tabbatar da shi.

Dabarar rufe bayani da yatsa ita ma akwai inda take yaudara, kuma ya kamata a san wurin. Da sakatare ya rubuta *A number of candidates have paid*, wani mai gyara da ya haddace dokar zai rufe *of candidates* ya ga *a number*, ya ce tilo ne, ya sa *has*. Da ya ɓata. A nan *a number of* tana nufin "da dama" ne kawai, ɗaliban su ne masu aikin. Amma *The number of candidates has increased* tilo ce, domin adadin ne ya ƙaru. Haka nan *Ten thousand naira is the fee* daidai take duk da dubu goma ba ɗaya ba ce, saboda ana kallon kuɗin a matsayin dunƙule guda. Wato bayan sigar kalma, Turanci yana duba ma'ana. A jimlarmu sigar da ma'anar sun haɗu a wuri ɗaya: *list* tilo ce a rubuce, kuma takarda ɗaya aka aika.

To a ce mai gyara ya ji wannan ya amsa, ya ce bari ya mayar da ita *has been sent*. Jimlar ta warke ke nan? Ba ta warke ba, saboda *on Monday* tana zaune a wurin. Nan ne maganar lokaci ta shigo, kuma nan ne nake ganin ya fi cancanta a daɗe.

Turanci yana da hanya biyu ta faɗin abin da ya riga ya faru, waɗanda Hausa ta haɗe su a "an aika". Ta farko ita ce shuɗaɗɗen lokaci zalla, *was sent*, wadda take ajiye aikin a wani lokaci da ya wuce ya rufe. Ta biyu ita ce wadda ake ginawa da *has* ko *have*, irin *has been sent*, wadda take tsayawa a yanzu ta waiwaya. Abin da take faɗa shi ne, zuwa yanzu an yi aikin, kuma sakamakonsa yana nan. Ba ta damu da ranar da aka yi shi ba, hasali ma ba ta yarda a ɗaura mata ranar. Da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, kamar *yesterday*, *last week*, *two days ago*, *in 2019*, ko wata Litinin da ta wuce, sai sigar farko ta zama dole. *The list has been sent* daidai ce idan ta tsaya a nan. *The list was sent on Monday* ita ma daidai ce. Haɗa su ne ba ya yiwuwa. Mu kuwa muna cewa an aika, muna cewa an aika ranar Litinin, "an" ɗin ba ta motsa, shi ya sa kunnenmu ba ya tayar mana da ƙararrawa idan an haɗa su a Turanci.

Don haka idan aka ga gyaran da ya sauya ɗaya daga cikin sigogin nan biyu zuwa ɗayar, abin da za a fara nema shi ne kalmar lokaci a cikin jimlar. Idan akwai wadda take nuna lokacin da ya rufe, an gama magana. Idan kuma irin *so far* ce, ko *up to now*, waɗanda suke miƙowa har zuwa yanzu, sigar *has* da *have* ake bukata. Idan babu kalmar lokaci ko ɗaya, to sau da yawa duka biyun suna da hurumi, kuma wanda ya goge ɗaya ya rubuta ɗayar dole ya kawo dalili daga sauran rubutun. Akwai ma ƴan kalmomi da Turawan kansu suka rabu a kansu. Da *already* da *just* da *yet*, mutumin Ingila ya fi son *I have already sent it*, Ba'amurke kuwa yakan ce *I already sent it* ba tare da wani ya ɗaga gira ba.

Wani mai gyaran, idan aka nuna masa cewa *on Monday* ce ta hana, sai ya goge *on* ya sa *since*, ya sami *has been sent since Monday*, yana nufin tun Litinin aka aika. Ana jin irin wannan sosai a ofisoshinmu. Matsalar ita ce a daidaitaccen Turanci *since* tana buɗe wani tsawon lokaci ne daga Litinin zuwa yau. Aikawa kuwa abu ne na lokaci guda, don haka mai karatu zai fahimci cewa an aika a wata rana tsakanin Litinin da yau, watakila Laraba. Idan ana son a ce takardar ta daɗe a can, sai a zaɓi aikatau da yake ɗorewa: *The list has been with the principal since Monday*. Amma wannan sabuwar jimla ce, ba abin da aka ba mai dubawa ya gyara ba.

Me ya kai shi ga taɓa *was sent* tun farko? Ina kyautata zaton dokar da aka koya mana a aji ce, cewa kada a gauraya lokuta a rubutu. Ya ga *have paid* a gaba, sai ya ji dole abin da ya biyo baya ya yi kama da ita. Dokar tana da asali mai kyau: tana hana mai ba da labari ya fara da shuɗaɗɗen lokaci ya tsallaka zuwa na yanzu babu dalili. Amma ba ta taɓa nufin duk aikatau na jimla su sa riga iri ɗaya ba. Kowane aiki yana da lokacin da ya faru, kuma aikatau ɗinsa shi yake bi.

Wannan ya dawo da mu wurin farko, inda na ce da sauran magana. *Have paid* ta gyara adadi, amma shin ta dace da lokaci? A ce an aika jerin ranar Litinin, wata ɗaliba ta biya nata kuɗin ranar Laraba, sakatare kuma yana rubuta rahoto ranar Juma'a. *Candidates who have paid* tana ƙirga daga ranar da ake rubutu, wato duk wanda ya biya zuwa Juma'a, har da ɗalibar nan. Alhali sunanta ba ya cikin takardar da ta tafi ranar Litinin. Idan shugaban makaranta ya karanta ya ɗauka kowa yana ciki, yarinya tana iya rasa gurbinta a kan kalma ɗaya. Sigar da take ƙirgawa daga ranar Litinin ta waiwaya baya ita ce *had paid*: waɗanda suka riga suka biya kafin a aika. Idan kuwa an rufe karɓar kuɗi kafin Litinin, babu wanda ya biya bayan nan, to *have paid* da *had paid* mutane ɗaya suke nunawa, kuma kowacce ta wadatar. Nahawu shi kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. Sai an san abin da ya faru. Abin lura kuma, *had* ba ta da tilo ko jam'i, don haka da ita aka zaɓa, maganar *has* da *have* ba ta ma taso ba.

Irin wannan ce take faruwa da maganar da aka ruwaito. An koya wa ɗalibai cewa bayan *said* komai yana ja da baya, *is* ta koma *was*. Galibi haka ne, kuma wanda ya ja da baya da wuya a kama shi da laifi. Amma idan abin da aka faɗa yana nan bai sauya ba, barin sa a lokacin yanzu halal ne. Wanda ya rubuta *The principal said that the fee is ten thousand naira* yana nuna har yau kuɗin ke nan. Wanda ya mayar masa da ita *was* bai yi kuskuren nahawu ba, amma bai gyara komai ba, kuma ya rage wa jimlar wannan tabbacin.

Saura wuri na uku, *be closed* da ta koma *is closed*. Ga wanda bai saba da ita ba, *the portal be closed* kamar karyayyen Turanci take, kamar an tsallake wata kalma. Ba haka ba ne. Bayan aikatau masu nuna umarni, buƙata ko shawara, irin su *recommend*, *suggest*, *demand*, *request* da *insist*, Turanci yana da wata siga ta musamman: aikatau yana zuwa tsirara, babu *s*, babu alamar lokaci, ko mai aikin tilo ne ko jam'i, ko maganar ta jiya ce ko ta yau. Ana cewa *They demanded that he pay*, ba *pays* ba, ana kuma cewa *We suggest that she be invited*. Dalilin shi ne abin bai faru ba tukuna, so ake ya faru. Hausa tana da wannan bambanci sarai. Kwamiti ya ce a rufe shafin magana ɗaya ce, kwamiti ya ce an rufe shafin wata ce daban. *Be closed* ita ce "a rufe".

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne da *insist*, domin tana ɗaukar ma'anonin biyu. *She insisted that he be present* na nufin ta dage sai ya halarta. *She insisted that he was present* na nufin ta dage cewa ya halarta, tana ba da shaida ke nan. Mai gyaran da ya ga *be* ya mayar da ita *was* a irin wannan wuri ya juya umarni ya koma shaida.

Sai dai a yi wa mai jan biro adalci. A Ingila akan ji, har akan karanta a jaridu, irin *recommended that the portal is closed*, don haka ba za a ce abin da ya rubuta babu shi a Turanci ba. Wata sigar da ta shahara a wurin mutanen Ingila ita ce *should be closed*, Amurkawa kuma sun fi riƙe *be closed* tsirara, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne a rubutun ofis a ko'ina. Hukuncin wuri na uku ke nan: babu kuskure a asali, sauyin bai zama dole ba, kuma ya ɗauke sigar da kowa ya yarda da ita ya kawo wadda wasu za su ƙi a rahoto. Da ya ƙara *should* ne, da sai a ce zaɓi ne na salo, bai ɓata ba bai kuma gyara ba.

Akwai kalma ɗaya a jimlar da ta tsira daga biro don sa'a kawai, ita ce *committee*. Ta tsira ne saboda *recommended* shuɗaɗɗen lokaci ce, ba ta nuna adadi. Da sakatare ya rubuta *the committee have recommended*, da tabbas an goge an sa *has*. Shi ma wannan ba kuskure ne kai tsaye ba. A Turancin Ingila, sunan da yake tattara mutane, kamar kwamiti, gwamnati, iyali ko ƙungiyar ƙwallo, yana iya ɗaukar tilo idan ana kallonsa a dunƙule, ko jam'i idan ana kallon mutanen da ke ciki. Shi ya sa mai sharhin ƙwallo na can zai ce *Arsenal have won*, kuma a kan wannan tsari *Kano Pillars have won* daidai take. Turancin Amurka ya fi tsayawa a kan tilo ga kalma irin *committee*. Mu ma mukan ce jama'a ta taru, mukan ce jama'a sun taru. Abin da mai dubawa yake da iko ya nema shi ne a tsaya a kan ɗaya. *The committee has submitted their report* ta fara da tilo ta ƙare da jam'i, kuma a rubutun ofis ya fi kyau a daidaita ta, ko dai *has* da *its*, ko *have* da *their*. Makarantun Najeriya da Ghana sun gaji tsarin Ingila ne, don haka malamin da yake sa wa *the committee have* jan layi a kowane hali yana hukunta ɗalibi da dokar da ba ta tsarin da yake koyarwa ba.

Ɗan sauyi kaɗan a ginin jimlarmu zai kai mu wurin da gardama ta fi zafi. A ce an rubuta *She is one of the candidates who have paid*. Mutane da yawa za su ga *one* su ce *has* ce daidai. Tsohuwar ƙa'ida tana tare da *have*, kuma hujjarta tana fitowa idan aka juya jimlar: *Of the candidates who have paid, she is one*. Akwai rukunin waɗanda suka biya, ita kuma ɗaya ce a cikinsu. Duk da haka marubutan Turanci na ƙwarai sun daɗe suna amfani da tilo a wannan gini, har ba a iya kiransa baƙon abu. To wanda ya goge *have* ya sa *has* ya bar tudun da ya fi ƙarfi, wanda kuma ya goge *has* ya sa *have* yana da hujja, musamman idan ɗalibi yake shiryawa jarrabawa irin ta WAEC, inda tambayar zaɓi take neman amsa ɗaya tak, kuma tsohuwar ƙa'ida ce ta fi aminci. Amma da zarar *only* ta shigo, *the only one of the candidates who has paid*, tilo ce ba gardama, domin mutum ɗaya ne ya biya.

Idan aka tattara abin da ya tsira bayan an tace, jimlar sakatare tana bukatar taɓawa a wuri ɗaya ne kawai:

*The list of candidates who had paid the fee was sent to the principal on Monday, and the committee recommended that the portal be closed.*

*Was sent* da *be closed* sun koma yadda mai su ya rubuta su. Ko wannan *had* ɗin ma ban ga ya kamata mai dubawa ya rubuta ta a kan gaban kansa ba. Abin da ya dace shi ne ya ja layi a ƙarƙashin *has*, ya rubuta a gefen takarda cewa *candidates* jam'i ce, sannan ya tambayi sakatare ko akwai wanda ya biya kuɗi bayan ranar Litinin. Idan akwai, *had paid* za a sa, kuma rahoton yana bukatar ƙarin jimla da za ta gaya wa shugaban makaranta cewa wasu sunaye suna nan tafe. Idan babu, *have paid* ta mai gyara ta zauna.